Tumatirin gwangwani: yadda ake karanta rubutun jikinsa kafin a zuba a tukunya

A watan Satumbar 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwanin da ta saya ya cika zaƙi, kamar an zuba masa sukari. Kamfanin Erisco mai yin tumatirin ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama ta, magana ta kai kotu, aka yi watanni ana cece-kuce a kai. Ba shari'ar ce ta dame ni a nan ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunan da ke jikin gwangwanin, wanda mutane da yawa suka wuce ba su lura da shi ba. Ba a rubuta "Tomato Paste" ba, an rubuta "Tomato Mix". A bakin mai kanti duka biyun tumatirin gwangwani ne, in na leda ne a ce tumatirin leda, amma ba abu ɗaya ba ne, kuma duk wani kwatancen sukari ko gishiri da mutum zai yi daga wannan bambancin yake farawa.

Na farkon tumatir ne da aka niƙa, aka tace 'ya'ya da ɓawo, aka dafa har ruwansa ya ƙone ya yi kauri. Wani lokaci a ƙara masa gishiri, shi ke nan. Ƙa'idar abinci ta duniya, wadda hukumomin ƙasashe da yawa ke ɗora dokokinsu a kanta, ta ce kafin a kira shi da wannan suna sai sinadaran tumatir da suka rage bayan ƙonewar ruwa sun kai kashi 24 cikin ɗari. Shi ya sa za ka ga an rubuta 28% ko 28–30% a jikin wasu gwangwanayen, wannan shi ne mai kauri ninki biyu da aka fi sayarwa. A Maraɗi ko Yamai ko Garwa, inda rubutun yake da Faransanci, za ka ga "double concentré de tomates". Na biyun kuwa haɗi ne: akwai tumatir a ciki, amma an ƙara ruwa, sitaci ko wani abin da zai ba shi kauri, sukari, gishiri, wani lokaci da kala. Ba haramun ba ne a sayar da shi muddin an faɗi abin da ke ciki, kuma araharsa ce ta sa ya cika kasuwa. Matsalar ita ce mai saye ya ɗauka tumatir zalla ya saya.

Jerin kayan haɗi ya riga jadawali

Mutane da yawa da zarar sun juya gwangwani idonsu kan jadawalin lambobi yake faɗawa. Ni kuwa ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin kalmar "Ingredients" nake fara dubawa, domin akwai ƙa'idar da ta sa wannan jeri ya fi jadawalin faɗin gaskiya: ana jera kayan ne bisa nauyinsu, mafi yawa a gaba, mafi ƙaranci a ƙarshe. In ka ga tumatir sai gishiri, jerin ya ƙare, ka san abin da ka riƙe. In ka ga ruwa ne a farko, to ruwa ya fi komai yawa a cikin abin da ka biya kuɗinsa. In sukari ya zo na uku, kafin gishiri, to sukarin da aka zuba ya fi gishirin nauyi.

Sukari ba ya zuwa da suna ɗaya. Ana iya rubuta "sugar", ko "glucose syrup", ko "dextrose", a Faransanci "sucre". Sitaci kuma "starch" ne ko "amidon". Waɗannan kaɗai in mutum ya haddace sun ishe shi a kan tumatir. Tsawon jerin ma alama ce: abin da ake cewa tumatir amma kayan haɗinsa sun kai takwas ko goma, ko ba ka gane sunayen ba, ka san ya yi nisa da gona.

Me ya sa lambar sukari take yaudara

Tumatir ɗanye yana da sukarinsa na halitta, kimanin giram biyu da rabi zuwa uku a cikin giram 100. Idan aka ƙone ruwan kilo biyar ko shida na tumatir don a samu kilo ɗaya na mai kauri, sukarin ba ya bin tururi, yana nan, taruwa yake yi. Saboda haka tumatirin gwangwani na zalla, wanda ba a zuba masa ko ƙwayar sukari ba, yakan nuna giram 12 zuwa sama a cikin giram 100. Mai kauri sosai ma ya fi haka. Wanda bai san wannan ba sai ya ga 13 ya tsorata, ya ajiye, ya ɗauki wanda aka rubuta 9 yana murna ya samu mai ƙarancin sukari. Alhali mai yiwuwa ne wanda ya ɗauka ɗin an sirka shi da ruwa da sitaci har sukarin tumatirinsa ya ragu, sannan aka ciko shi da sukarin buhu don ɗanɗano ya dawo.

Layin da aka rubuta "Sugars" jimilla yake bayarwa, na halitta da na zubawa a haɗe. Kayan da aka yi wa rubutu irin na Amurka suna ware wanda aka ƙara a layinsa daban, amma yawancin abin da ke kan kantocinmu ba ya yin haka. To ta yaya za a gane?

Akwai wata dabara da nake amfani da ita, wato duba layin furotin. Ba don ana neman furotin a tumatir ba, sai don shi ne shaidar yawan tumatirin da ke ciki. Ruwa ba shi da furotin, sitaci ba shi da shi, sukari ba shi da shi. Tumatirin zalla mai kauri yakan ba da giram huɗu zuwa biyar a cikin giram 100, kuma sukarinsa yakan ninka furotin ɗinsa kamar sau uku. In ka ga furotin ya sauko zuwa biyu amma sukari yana goma, wato ninki biyar, akwai sukarin da ba daga tumatir ya fito ba. Wannan ba awon ɗakin gwaji ba ne, ƙiyasi ne, kuma haɗin da aka saka wa wani abu na waken suya zai iya ɗan ɗaga furotin ɗin. Amma in an haɗa shi da jerin kayan haɗi, da wuya ya ɓatar da mutum.

Gishiri, inda lissafin yake

A cikin abubuwa ukun nan, wato sukari da gishiri da maiƙo, gishiri ne ya fi cancantar a ɓata lokaci a kansa, kuma shi ne aka fi rikita mutane da shi, domin kamfanoni ba su rubuta shi iri ɗaya. Wani ya rubuta "Salt" da giram, wani ya rubuta "Sodium" da miligiram. Sodiyam wani ɓangare ne na gishiri, kimanin kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa. Don a mayar da sodiyam gishiri sai a ninka shi sau biyu da rabi. Miligiram 400 na sodiyam daidai yake da miligiram 1000 na gishiri, wato giram ɗaya. Wanda ya kwatanta lambar sodiyam ta wani gwangwani da lambar gishiri ta wani kai tsaye, ya kwatanta mudu da tiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram biyar na gishiri a yini, wanda yake daidai da miligiram 2000 na sodiyam. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, daga karin kumallo har tuwon dare. Tumatirin da ba a ƙara wa gishiri ba sodiyam ɗinsa kaɗan ne, yawanci bai kai miligiram 100 a cikin giram 100 ba. Wanda aka ƙara wa kuwa yana iya kaiwa miligiram 800. Ka ga tazarar da ke tsakanin gwangwanaye biyu masu kala ɗaya a kan kanta ɗaya ta iya kai ninki takwas ko goma, abin da ba ya faruwa da sukari.

Wani abin lura, sodiyam ba a gishirin girki kaɗai yake ba. Farin magi da ake sakawa a wasu haɗe-haɗen, da wasu sinadaran hana lalacewa, duk suna ɗauke da shi. Saboda haka ko da gishiri ya zo can ƙarshen jerin kayan haɗi, lambar jadawali ce za ta ba ka jimillar. A nan kam jadawalin ya fi jerin amfani.

Mu auna guda biyu

Bari mu ƙaddara mace ta shiga kanti, ta ɗauki gwangwani mai giram 210 a hannun dama, da leda mai giram 70 a hagu. Lambobin da zan kawo misali ne na koyon lissafi, ba na wani kamfani ba ne, amma irinsu ake gani.

A jikin gwangwanin an rubuta kayan haɗi biyu, tumatir da gishiri. Jadawalinsa na giram 100 ne: kabohaidiret giram 18, daga ciki sukari 13, furotin 4.5, maiƙo 0.5, gishiri 0.5.

A jikin ledar an jera ruwa, tumatir, sitaci, sukari, gishiri da kala. Jadawalinta ba na giram 100 ba ne, na abin da kamfanin ya ƙaddara mutum ɗaya zai ci ne, ya sa giram 20: kabohaidiret giram 4, daga ciki sukari 2, furotin 0.4, maiƙo 0, sodiyam miligiram 160.

Kallon farko, ledar ta yi nasara ta ko'ina. Sukari biyu a kan sha uku, maiƙo babu. Amma ba a kan ma'auni ɗaya suke ba. Giram 20 sau biyar ne a cikin giram 100, don haka duk lambobin ledar sai an ninka su sau biyar. Sai su koma kabohaidiret 20, sukari 10, furotin 2, sodiyam miligiram 800. A ninka sodiyam ɗin sau biyu da rabi, ya ba da giram biyu na gishiri. Gishirin ledar ya ninka na gwangwanin sau huɗu ke nan.

Sukarin fa? Har yanzu goma bai kai sha uku ba. Sai mu koma ga furotin. Biyu ne a ledar, huɗu da rabi a gwangwanin, wato tumatirin da ke cikin ledar bai kai rabin na gwangwanin ba. Tumatir mai wannan yawa sukarinsa na halitta ba zai wuce giram shida ba, saura huɗun daga buhu suka fito, kuma jerin kayan haɗi ya tabbatar. Akwai ƙarin shaida: a gwangwanin, tazarar da ke tsakanin kabohaidiret da sukari giram biyar ce, wadda galibinta tsokar tumatirin ce. A ledar tazarar goma ce duk da ƙarancin tumatir. Sitacin ne ya zauna a wurin.

Yanzu a kai su tukunya, domin ba wanda ke cin tumatirin gwangwani da cokali. A ce dafa-duka za a yi wa mutum shida. Gwangwanin gaba ɗaya ya kawo gishiri giram ɗaya da 'yan kai. Leda uku, waɗanda nauyinsu ya yi daidai da shi, sun kawo giram huɗu da 'yan kai. In kuwa uwargida ta ga shinkafar ba ta yi ja yadda take so ba ta ƙara ta huɗu, ya haura biyar da rabi. Sannan ta jefa dunƙulen magi huɗu, kowanne giram huɗu wanda kusan rabinsa gishiri ne, an samu kimanin giram takwas. Ta ƙara cokalin gishiri, wasu giram biyar. Da leda uku, tukunyar ta kai giram 17, kowane mutum ya tashi da kusan giram uku a cin abinci ɗaya, fiye da rabin abin da ya kamata ya ci a yini. Da gwangwanin, tukunyar ta tsaya a giram 14.

Dole a faɗi gaskiya a nan: bambancin giram uku ne a tukunyar mutum shida, rabin giram kowanne. Ba tumatir ne babban mai laifi ba, magi da hannun mai girki sun fi shi. Amma ga gidan da akwai mai hawan jini, wanda ake ta fama a rage masa gishiri, rabin giram a kowane kwano, rana da dare, ba abin rainawa ba ne. Kuma amfanin sanin lambar shi ne wadda ta san ledarta ta riga ta zuba kusan cokalin gishiri a tukunya za ta iya barin nata cokalin, ko ta rage dunƙule biyu.

Sukarin da aka ƙara kuwa, a leda ukun bai wuce giram takwas ko tara ba, ƙaramin cokali biyu a abincin mutum shida. Kwalbar lemo ɗaya ta ninka wannan sau uku ko huɗu. Mai ciwon sukari da ya damu da wannan ya bar tudun shinkafar da ke gabansa bai duba ba, ya bar jaki yana dukan taiki. A ganina abin da ya sa sukarin tumatir ya zama abin dubawa ba tsoron ciwo ba ne kawai, shaida ce cewa an rage tumatir an cike gurbinsa da abu mai araha. In leda uku sun yi kuɗi ɗaya da gwangwanin, kuma tumatirin da ke cikinsu bai kai rabi ba, to arahar ta ido ce.

Maiƙo

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Tumatir ba shi da maiƙon a-zo-a-gani, rabin giram ne ko ƙasa da ɗaya a cikin giram 100, ko na zalla ne ko haɗi. Sifilin da ke jikin ledar misalinmu ma ba wata bajinta ba ce: in an ɗauki giram 20 kacal, maiƙon da ke ciki ƙanƙani ne har ana iya rubuta shi sifili. Haka manyan rubuce-rubucen gaban gwangwani masu cewa babu maiƙo ko babu kolestarol, gaskiya ne amma ba labari ba ne, domin kolestarol daga abincin da ake samu daga dabbobi yake fitowa, babu tumatirin da ke da shi. Babban cokalin man gyaɗa ɗaya da za a soya tumatirin da shi giram 14 ne na maiƙo, ya ninka na gwangwanin duka fiye da sau goma.

Inda layin maiƙo yake da amfani shi ne a haɗe-haɗen da ake sayarwa na dafa-duka, ko masu attaruhu da albasa, waɗanda wasunsu akan saka musu man girki. In ka ga maiƙo ya kai giram uku ko biyar, koma jerin kayan haɗi, za ka tarar da mai a ciki.

Idan rubutun kansa ba shi da tabbas

Duk abin da na faɗa ya dogara ne da cewa abin da aka rubuta gaskiya ne, kuma ba kullum ba ne. Wani jadawalin kwafo shi aka yi daga na wani kaya, wani kuskuren bugawa ne, a sa giram a inda ya kamata a sa miligiram. Akwai saɓanin da ido ke iya kamawa. In jerin kayan haɗi ya ce akwai gishiri amma jadawali ya ce sodiyam sifili ne, ɗayansu ya yi ƙarya. In sukari ya fi kabohaidiret yawa, ba zai yiwu ba, domin sukari wani ɓangare ne na kabohaidiret. In an rubuta tumatir zalla mai kashi 28 amma sukari giram uku ne a cikin ɗari, lambar ta tumatir ɗanye ce aka manna. Lambar rajistar NAFDAC a Najeriya, ko ta hukumar abinci da magunguna a Gana, tana nuna an yi wa kayan rajista, amma ba tana nufin ba shi da sukari ko gishiri ba, haɗin ma yana da rajistarsa. Ita kuma leda, sau da yawa rubutun ƙanana ne ƙwarai a kan jan fenti, wani lokacin ma zafin injin liƙewa ya cinye rabinsa. Ni hotonsa nake ɗauka da waya in buɗa shi, ya fi in tsaya ina ƙanƙance ido mai kanti yana jira.

Sitaci kam ana iya gwada shi a gida. Ɗebi kan cokali na tumatirin, ka dama a rabin kofin ruwa har ya yi tsululu, ka ɗiga masa aidin, irin mai ruwan ƙasa da ake shafa wa ciwo, ɗigo biyu ko uku. In akwai sitaci mai yawa, wurin zai rikiɗe ya yi shuɗi mai duhu kamar baƙi. Nunannen tumatir ba shi da sitacin da zai yi haka, sai dai kalar aidin ɗin ta ɗan gauraya da jan. Ruwan gwajin zubarwa za a yi, ba a mayar da shi tukunya. Gwajin bai nuna sukari ko gishiri ba, amma in gwangwanin ya ce tumatir ne zalla kuma ruwan ya yi baƙi, ka san sauran lambobin da ke jikinsa ma ba abin dogaro ba ne.

Mai girki da ta saba ma takan gane a kasko. Na zalla yana da tsami, yana buƙatar suya mai tsawo kafin tsamin ya mutu, mai ya taso sama, kalarsa ta koma ja mai duhu. Haɗin da ke da sitaci da sukari ba shi da wannan tsamin sosai, yana saurin kama gindin tukunya, kuma jansa yakan tsaya jawur kamar yadda ya fito daga leda. Wasu matan ma don rashin tsamin suke son sa, su ce ba sai sun sa kanwa ko sun daɗe suna suya ba. Wadda ta zaɓe shi don haka ta san abin da take yi, sai dai ta ɗanɗana miyar kafin ta kai hannu robar gishiri.